Hashtag Mai Faɗi ko Mai Saiti: Wanne Ya Fi wa Mai Tura Sitiroberi Daga Jos Zuwa Abuja?

Daga lokacin hunturu har zuwa wajen watan Maris, sa'ad da sitiroberi ke fitowa daga gonakin Chaha da ke yankin Vom, shafukan masu sayar da kayan lambu na Jos kan cika da jajayen hotuna. Yawancinsu kasuwa ɗaya suke hari, wato Abuja. Kayan kuwa ba sa son zafi, ba sa son jira. An tsinke da safe, an jera a roba, an damƙa wa direba a tasha, mota ta bi ta Akwanga da Keffi, kafin dare ya kamata su shiga firjin mai su. Wanda ya ga hoton yana zaune a Fatakwal ko a Jidda zai iya yabawa, amma ba zai saya ba, ko ya so sayen ma babu yadda za a kai masa. Da wannan sana'a zan auna zancen hashtag, wato kalmar da ake fara ta da alamar # a rubutun shafukan sada zumunta, domin a cikinta ne ake saurin gane bambancin wanda ya kalla da wanda zai iya saye.

Ga rubutu iri biyu da mai sayarwa za ta iya sawa a ƙarƙashin hoto ɗaya. Na farko shi ne wanda aka fi gani:

```
Sabon kaya ya iso 🍓
#love #viral #fyp #trending #explorepage #food
#nigeria #instagood #foryou #business #arewa
```

Na biyu kuma:

```
Sabon strawberry daga Jos, tsinkar safiyar yau.
Muna kaiwa Gwarinpa, Wuse 2 da Kubwa ranar Talata da Juma'a.
#JosStrawberry #StrawberryAbuja #AbujaFoodVendor #Gwarinpa
```

Mai na farkon tana tafiya ne a kan cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: in an jefa hoto wurare da yawa, kuma manya, dole wani ya gani. Mai na biyun ta haƙura da taron jama'a, ta nemi mutane kaɗan waɗanda mota za ta iya kai musu. Ni ina bayan ta biyun, sai dai akwai wuraren da hujjarta ke da rauni, kuma zan zo kansu.

Kafin nan, yana da kyau a san aikin da alamar take yi. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar amfani da # a Twitter a watan Agustan 2007, don masu magana a kan abu ɗaya su riƙa samun juna. A 2009 Twitter ya mayar da ita abin dannawa, Instagram ya ɗauka a 2011, Facebook ya biyo baya a 2013. A wancan zamani manhajojin ba su iya gane abin da ke cikin hoto ba, don haka alamar ce kusan hanya ɗaya tilo ta cewa wannan hoton abinci ne, wancan na biki ne. Yanzu abin ya canza. Manhaja tana karanta rubutun da ke ƙasan hoto, tana karanta wanda aka ɗora a kan bidiyo, tana jin abin da ake faɗa, sannan ta lura da su wa suka tsaya suka kalla har ƙarshe, su wa suka tura wa wasu. Hashtag ya zama shaida ɗaya cikin shaidu da yawa. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya sha faɗin cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu gani ta yadda za a ce ya yi tasiri, yana dai taimakawa wajen gane abin da aka wallafa da kuma wajen bincike. A watan Disamban 2024 ma Instagram ya cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin shafin mutum. Wanda yake aiki da dabarun 2016 a yau yana bin hanyar da aka riga aka rufe rabinta.

Batun yawa shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin kamfanonin da kansu sun kusa yanke hukunci. Shekara da shekaru iyakar Instagram talatin ce, kuma mutane sun ɗauki iyakar a matsayin adadin da ake so a cike. Tun 2021 kamfanin ya shawarci masu wallafa su tsaya a uku zuwa biyar, sannan a ƙarshen 2025 ya sanar da rage iyakar kanta zuwa biyar. TikTok ma ya fara taƙaita su zuwa biyar a cikin shekarar. A X, tsohon Twitter, shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce kada a wuce biyu, ga kuma ƙarancin wuri, tunda haruffa 280 ne ga wanda bai biya kuɗi ba. YouTube yana nuna uku ne kusa da sunan bidiyo, idan kuwa mutum ya zuba sama da 60 sai ya yi watsi da su duka. Threads ɗaya tak ya yarda da shi. A Facebook har yanzu mutum zai iya jera dogon layi irin na rubutun farko ba a hana shi ba, kuma shi ne wurin da layin ya fi zama aikin banza, domin a can abokai da rukunoni da masu yaɗawa ne ke kai abu gaba, mutane ƙalilan ne ke danna hashtag. Saboda haka tambayar ta tashi daga guda nawa, ta koma waɗanne.

A nan ne rubutun farko ke faɗuwa, kuma dalili biyu ne. Na ɗaya cunkoso. An yi amfani da #love a Instagram sama da sau biliyan biyu. Da can, lokacin da shafin hashtag ke jera sababbin hotuna bi da bi, hoton mai sitiroberi zai iya zama a sama na ɗan ƙiftawar ido kafin wasu su binne shi. Yanzu da aka fi fifita waɗanda suka riga suka samu karɓuwa, ko wannan ƙiftawar ba ta samu ba, domin tana gogayya ne da shafuka masu mabiya miliyoyi. Dalili na biyu ya fi wannan muni: waɗannan kalmomi ba su faɗi komai game da kayan ba. #viral da #trending da #explorepage buri ne kawai, ba bayani ba. #fyp na nufin shafin For You na TikTok, kuma kowa na sa shi, daga mai rawa har mai wa'azi har mai tallan gida, don haka bai raba bidiyonki da na kowa ba. TikTok ya bayyana a 2020 cewa yana la'akari da rubutu da sauti da hashtag wajen zaɓar wa zai nuna wa bidiyo, wato yana neman sanin abin da ke ciki ne. Ɗan kamasho a tashar Bauchi Road ba ya tsayawa yana kiran "tafiya, tafiya", sunan gari yake kira, shi ya sa fasinjan Abuja ke nufo motarsa, na Gombe ya wuce gaba.

Akwai kuma ɓarna da manyan kalmomi ke jawowa wadda ba a cika lissafa ta ba. Su ne wuraren da shafukan bogi ke kiwo. Minti kaɗan bayan an wallafa sai ka ga tsokaci daga shafin da ba ka taɓa gani ba yana cewa a tura masa hoton zai tallata, ko saƙon wata mai cewa ta samu riba a harkar kirifto. #follow4follow da #like4like da danginsu suna kawo mabiya, gaskiya ne, amma mabiyan da suka zo don a rama musu ne, ba za su sake kallon shafin ba. Illar tana fitowa daga baya: an wallafa sabon hoto, manhaja ta nuna wa wani kaso na mabiyan, suka wuce ba su tsaya ba, sai ta ɗauka hoton ne ba shi da armashi. #giveaway kuwa sai wadda da gaske kyauta take rabawa, ita ma ta shirya wa masu buɗe shafi da irin sunanta suna bin mutane da cewa sun ci, su turo kuɗin mota.

To me ake sawa? Ga mai irin wannan sana'a, amsa uku ake nema daga hashtag: mene ne kayan, ina ake samunsu, su wa ake yi wa magana. Wanda ya haɗa biyu daga cikin ukun a kalma ɗaya shi ne na gaba. #strawberry shi kaɗai na duniya ne, zai jefa ki cikin hotunan gonakin Japan da kek ɗin Turai. #Abuja shi kaɗai ya haɗa siyasa da dillancin filaye da bukukuwa. Amma #StrawberryAbuja ba mai neman sa sai wanda yake son sitiroberi kuma yake Abuja. Ko da mutum goma ne suka duba shi a mako, goman nan kowannensu mai iya saye ne.

Sai dai kada a yarda da hashtag don kawai ya yi kama da na gida. Wannan tarko ya fi kama mutanen Jos fiye da na Abuja, saboda sunan garin gajere ne kuma ba mu kaɗai ke da shi ba. Jos sunan mutum ne a Turai: akwai Jos Buttler ɗan wasan kurket na Ingila, akwai Jos Verstappen tsohon direban tseren mota, mahaifin Max Verstappen. Wanda ya sa #Jos kaɗai yana raba ɗaki da masoyansu. #Plateau kuwa kalma ce ta Faransanci da Turanci, kuma sunan unguwa ne a Abidjan da Dakar da Montreal. Shi ya sa #JosPlateau ko #JosNigeria suka fi tsabta. Sunayen abincinmu ma haka suke: #masa a yaren Sifaniyanci ƙullin gari ne, musamman na masara, don haka mai sayar da masa da miyar taushe za ta tarar da kanta cikin girkin mutanen Meziko, #awara kuma kalma ce ta Indiyanci da ba ta da alaƙa da waken suya. Sunayen unguwannin Abuja irin su Gwarinpa da Lokogoma da Lugbe sun fi samun sauƙi ta wannan fuska, don da wuya a same su a wata ƙasa.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ba ya cin data mai yawa. A rubuta hashtag ɗin a wurin bincike na manhajar da za a wallafa a ciki, a buɗe, a duba hotuna ashirin na farko. Abu uku ake dubawa. Shin irin kayanki ne, ko aƙalla irin mutanen da za su sayi kayanki? Shin akwai na kwanan nan, ko duk na shekara biyu da suka wuce ne, wato wurin ya mutu? Shin akwai masu ƙananan shafuka irin naki a ciki, ko manya ne kaɗai suka mamaye? Idan aka ga hotunan da ba su dace ba, ko manhajar ta nuna gargaɗin cewa ta ɓoye wasu abubuwan da aka wallafa a wurin, a bar shi ko da sunansa ya yi daɗi. Wannan binciken a kowace manhaja ake yin sa daban, domin hashtag da ke da rai a TikTok yana iya zama kango a Instagram.

Ga raunin hanya ta biyu da na yi alkawari. Hashtag yana iya ƙanƙancewa har ya zama ba kowa a cikinsa. #SitiroberinChahaZuwaGwarinpa daidai yake da kayan, amma ba wanda zai taɓa rubuta shi. Kuma ko waɗanda na sa a misali na biyu, sai an gwada su an ga suna da motsi a lokacin, ba a ɗauke su daga nan a manna ba. Mafita ita ce a haɗa girma daban-daban cikin 'yan guraben da ake da su. Ɗaya matsakaici wanda ke da jama'a sosai amma na gari ɗaya ne, kamar na masu sayar da abinci a Abuja. Biyu masu saiti, kaya haɗe da gari. Ɗaya na unguwar da mota za ta shiga a wannan makon. Gurbi na biyar, in ana so, na sunan sana'ar ne. Shi wannan ba ya kawo baƙo ko ɗaya, aikinsa daban ne: yana tara hotunanki wuri guda, kuma kwastomar da ta yi kek da kayanki za ta iya sa shi, sabuwar mai saye ta danna ta ga shaidar wasu. Idan gurbin bai samu abin da ya cancanta ba a bar shi fayau. Huɗu masu kyau ba sa buƙatar na biyar na cike gibi.

Ina #arewa da #hausa suka faɗa? A tsakiya, kuma a nan ne nake sassauta hukunci. Ga mai sitiroberi faɗinsu ya yi yawa, tunda sun haɗa Sakkwato da Maiduguri da Yamai da 'yan uwa mazauna Saudiyya. Amma ga mai sayar da abin da ba ya lalacewa a hanya, kamar turaren wuta ko atamfa ko kilishi, wanda za a iya aikawa Kano ko Kaduna ya kwana uku bai canza ba, hashtag na al'umma yana da ma'ana, domin iyakar kasuwarta ba gari ba ce, masu sanin darajar kayan ne. Haka mai barkwanci ko mai koyar da girki da Hausa, wanda ribarsa yawan masu kallo ce, a ko'ina suke. Shi faɗi bai cuce shi ba, muddin kalmar tana bayyana abin da yake yi. #HausaTikTok ya gaya wa manhaja harshen bidiyon da irin masu kallonsa, abin da #viral ba zai taɓa yi ba. Ma'aunin dai shi ne nisan da kayan mutum ke iya zuwa.

Rubutun kansa yana da 'yan ƙa'idoji da ke kayar da masu Hausa musamman. Tazara tana yanke hashtag, don haka #Farin Gada ya zama #Farin kawai, sauran ya koma rubutu. Alamar ɗauri ma tana yankewa: wanda ya rubuta #sana'a zai ga #sana ce kaɗai ta yi shuɗi, sai dai a rubuta #sanaa, haka #YanJos ba tare da alamar farko ba. Haruffa masu lanƙwasa suna aiki, amma kada a ɗauka #ƙosai da #kosai wuri ɗaya za su kai mutum, kuma mafi yawan mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna bincike a waya. A jikin rubutu a rubuta Hausa daidai, a hashtag kuwa a bi yadda masu nema ke bugawa. Babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne a wurin manhaja, amma fara kowace kalma da babba, kamar #AbujaFoodVendor, yana sauƙaƙa karatu, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ta fi iya furta shi. Wannan dalili ne kuma ya sa na bar `strawberry` da rubutun Turanci a misali na biyu: haka matar da ke Maitama za ta buga shi a wurin bincike, ko da Hausa take magana a gida.

Sai wurin ajiyewa. An daɗe ana gardama tsakanin masu sawa a cikin rubutun ƙasan hoto da masu ɓoyewa a tsokaci na farko don shafi ya yi tsabta. Dabarar ɓoyewa ta samo asali ne daga zamanin talatin, lokacin da tarin shuɗin rubutu ke ɓata ido. Da huɗu ko biyar babu abin ɓoyewa. Kuma Instagram ya faɗa a 2021, cikin bayaninsa kan yadda bincike ke aiki, cewa wanda ke son a same shi ta bincike ya sa muhimman kalmomi da hashtag a cikin rubutun hoton, ba a tsokaci ba. Wannan ya ishe ni hujja. A cikin rubutun kuma ƙarshe ya fi, domin layi ɗaya ko biyu na farko ne kaɗai ke fitowa kafin a danna don ganin saura, kuma wannan wuri na kaya ne da gari da ranar kaiwa. A TikTok ma haka, ga shi rubutun yana hawa kan bidiyon ne, in ya yi tsawo ya rufe kayan da ake tallatawa. A X an fi saka shi cikin jimla idan ya zauna daidai, amma jimlar da kowace kalma ta zama shuɗiya ba ta karantuwa. Sitatus na WhatsApp kuwa, inda da yawa daga cinikin nan ke ƙarewa, hashtag ba ya aikin komai a can: waɗanda ke da lambarki ne kaɗai ke gani, babu wani baƙo da zai iso ta hanyarsa. Haka idan shafin Instagram a kulle yake, duk hashtag da aka sa mabiya ne kawai za su gani.

Akwai nau'in da ban sa shi cikin masu faɗi ba, domin matsalarsa ba ta ciniki ba ce kaɗai, wato maudu'in da ke tashe. A X ne hashtag ya fi nuna ƙarfinsa a ƙasar nan. #BringBackOurGirls ya taso ne a watan Afrilun 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, aka riƙa zaman dirshan a Unity Fountain da ke Abuja, har ya zagaye duniya. #EndSARS ya cika tituna a watan Oktoban 2020. Irin waɗannan suna aiki ne saboda dubban mutane sun yarda su taru a kalma ɗaya, kuma masu neman labari suna buɗe ta don su san halin da ake ciki. Mai talla da ya liƙa hoton kayansa a irin wannan wuri, ko a maudu'in wani hari ko rasuwa, yana toshe wa masu neman labari hanya, kuma dokokin X sun ɗauki cusa hashtag marar alaƙa don jan hankali a matsayin abin da ake hukuntawa. A gari irin Jos, inda mutane ke duba waya don su san ko hanya lafiya kafin su fita, wanda ya yi haka ba a saurin manta masa. Maudu'in lokaci wanda ya shafi kayan daban ne. Sa hashtag na azumi a kan kayan marmarin buɗa-baki daidai ne, domin mai dubawa abin da yake nema ke nan.

Yadda za a raba gardamar a shafin mutum shi ne a gwada, amma a gwada da tsari. A Instagram sai an mayar da shafin na sana'a kafin alƙaluma su fito, kuma kyauta ne. A ɗauki mako huɗu. A riƙa wallafa irin hoto ɗaya, a ranaku ɗaya, a lokaci ɗaya, a ce daren Litinin da daren Alhamis, gabanin ranakun kai kaya. Mako na ɗaya da na uku a sa masu faɗi, na biyu da na huɗu a sa masu saiti. Kada a canza komai ban da wannan, domin idan aka sa bidiyo a wani makon, hoto a wani, ba za a san wanne ya yi aikin ba. Bayan kwana biyu a buɗe `View insights` a Instagram a ga kason waɗanda ba mabiya ba, a TikTok kuma a duba ko masu kallo daga `For You` suka zo ko daga `Search`. Sannan a riƙe littafi, a rubuta saƙo nawa ya shigo, daga wane gari, nawa ya zama oda.

A ce makon masu faɗi ya kawo kallo 3,000, saƙo huɗu, biyu daga masu cewa za su tallata miki, ɗaya daga Legas, ɗaya daga Kubwa ya saya. A ce makon masu saiti ya kawo kallo 800, saƙo bakwai, biyar daga Abuja, uku suka saya. Wadda ke kallon lambar farko za ta ce makon farko ya ninka na biyu kusan sau huɗu. Littafin oda kuwa ya ce na biyu ya ninka na farko sau uku. Waɗannan lambobi misali ne na yadda ake karantawa, naki za su bambanta, kuma akwai sakamako na uku da ya kamata a shirya masa: a ga babu wani bambancin kirki tsakanin makonnin. Hakan na faruwa sosai, musamman ga shafin da yawancin masu ganinsa mabiyansa ne. Ma'anarsa hashtag ba shi ne ke riƙe da cinikin ba, sai a bar huɗun nan masu tsabta a mayar da ƙarfi kan abin da ya fi nauyi: hoto mai haske, sunan kaya da gari a layin farko, alamar wuri da ake liƙawa a saman hoto, da kalmar sana'a a cikin sunan shafin, tunda shi ma bincike yana karanta shi.

Idan kuwa kallo ya faɗi warwas dare ɗaya, kafin a ɗora wa hashtag laifi ko a ce an yi wa shafi shadoban, wato manhaja ta rage nuna shi a ɓoye, a shiga saitin Instagram a buɗe `Account Status`. A nan ake nuna ko an cire wani abu da aka wallafa, ko an daina nuna shafin ga waɗanda ba mabiya ba, da hanyar ɗaukaka ƙara. In komai kore ne a can, a duba kalanda: ƙarshen kaka ne, ko tsakiyar wata ne albashi bai shigo ba, ko an yi mako biyu ana maimaita hoto iri ɗaya. Tambaya guda da za a riƙa yi wa kowace sabuwar kwastoma ta fi duk waɗannan alƙaluma arha: "Hajiya, a ina kika gan mu?" A rubuta amsar a gefen odarta. Bayan wata ɗaya shafin littafin zai nuna nawa suka ce bincike suka yi, nawa suka ce ƙawa ce ta turo musu, nawa suka gani a sitatus ɗin wata.